Yadda ake bitar tambayoyin jarrabawa na hoto da bayani, ba da harafin amsa kaɗai ba

Shekaru da dama ke nan ina koyar da ɗalibai masu shirin rubuta JAMB da WAEC da NECO a ajin yamma a cikin garin Gombe, kuma kusan duk ɗalibin da ya zo wurina yakan zo ne da waya cike da hotunan tsofaffin tambayoyi. Wani ya ɗauki shafin littafi a hoto, ya tura wa abokinsa, abokin ya tura wa wasu, daga baya wani ya biyo da jerin amsoshi: ta ɗaya B, ta biyu D, ta uku A. Ɗalibi sai ya duba harafinsa, ya duba na jerin, in sun yi daidai ya wuce, in sun saɓa ya gyara harafin ya wuce. A haka zai shafe wata biyu yana ganin karatu yake yi, alhali abin da ya shiga kansa shi ne cewa tambaya ta goma sha bakwai C ce. Ranar jarrabawa kuwa babu mai tambayarsa lambar tambaya. Ga hanyar da nake bi da ɗalibaina domin hoton ya zama abin karatu na gaske.

Kayan aiki

Kana buƙatar wayar da hotunan suke ciki, da littafin rubutu guda ɗaya mai kauri wanda ba za ka yi wani aiki da shi ba sai wannan, da biro biyu, shuɗi da ja. Kana buƙatar littafin karatu na darasin da kake bita, ko da tsoho ne, da manhajar darasin wadda hukumar jarrabawar ta fitar, domin ka san abin da ke cikin iyakar karatunka. Sai agogo, kuma ya fi kyau ya zama ba na wayar ba, domin mai duba lokaci a waya yakan zarce da duba saƙo. Abu na ƙarshe shi ne mutum: malami, ko yayanka da ya riga ka wucewa, ko abokin karatu ɗaya da za ka iya yi wa bayani da baki.

Mataki na 1: Ka tantance hoton kafin ka amince da shi

Kada ka fara amsa komai sai ka buɗe hoton ka ƙara girmansa, ka bi shi daga sama zuwa ƙasa. Abin da kake nema shi ne ko tambayar ta fito cikakkiya. Wanda ya ɗauki hoto cikin gaggawa yakan yanke gefen shafi, kuma wurin da littafi ya lanƙwashe kusa da ɗinki yakan haɗiye haruffan farko ko na ƙarshe na kowane layi. A darasin Turanci, umarnin da ke saman sashe shi ne ke faɗa maka ko kalma mai ma'ana ɗaya ake nema ko kishiyarta, kuma sau da yawa umarnin yana shafin da ya gabata, wanda ba a ɗauka ba. Ɗalibin da bai ga umarnin ba zai zaɓi amsa mai kyau ga tambayar da ba a yi masa ba.

A lissafi da fiziks ɓarnar ta fi wuyar ganewa, saboda ƙananan alamomi ne ke ɓacewa. WhatsApp yana rage ingancin hoto idan an tura shi ta hanyar da aka saba, kuma idan hoton ya bi ta hannu da yawa, musamman in ana sake ɗaukarsa daga fuskar waya, sai ɗan layin ragi da ke gaban lamba ya dushe. Ka ga kuwa tsakanin 10² da 10⁻² akwai tazarar da ke tsakanin 100 da 0.01. Ɗigon da ke cikin 2.5 zai iya ɓacewa ka karanta 25. Idan ka ga hoton ya yi hazo, ka roƙi wanda ya turo ya sake ɗauka a wuri mai haske, ya danne shafin ya kwanta, ya turo ta zaɓin Document, domin ta nan hoton yana zuwa yadda aka ɗauke shi. Idan hakan bai samu ba, ka bar tambayar. Rashin tambaya ɗaya bai kai ɓarnar koyon kuskure ba.

Mataki na 2: Ka gano asalin tambayoyin da asalin jerin amsoshin

Ka rubuta a littafinka hukumar da ta yi tambayoyin, da darasin, da shekarar, in an sani. Sannan ka tambayi kanka ko jerin haruffan da aka turo na wannan takardar ne. Wannan ba zargi ba ne na banza. Kafin JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya a 2015, takardar darasi ɗaya a shekara ɗaya takan zo iri daban-daban, ana sauya tsarin jerin tambayoyin, har ma tambaya ta farko takan kasance tana neman ɗalibi ya faɗi irin takardar da aka ba shi. Idan hoton ya fito daga iri ɗaya, jerin amsoshin kuma daga wani iri, to kowane harafi zai faɗa kan tambayar da ba tasa ba. Haka kuma masu buga littattafan tsofaffin tambayoyi sukan cire wasu tambayoyi su sake lambobi, don haka ta 23 a wannan littafi ba lallai ta zama ta 23 a wancan ba.

Akwai alama mai sauƙi. Tambayoyin WAEC da na JAMB na yanzu zaɓi huɗu suke da shi, daga A zuwa D, na NECO kuwa biyar ne, har da E. In ka ga E a jerin amsoshi alhali hoton zaɓi huɗu yake nunawa, jerin ba na wannan takardar ba ne. Wata hanyar ita ce ka ɗauki tambayoyi biyar waɗanda ka tabbata ka san amsarsu, ka gwada su da jerin. In uku sun saɓa, kada ka fara zargin kanka. Ka ajiye jerin.

Mataki na 3: Ka amsa da kanka, jerin amsoshi a rufe

Ka zaɓi tambayoyi goma zuwa goma sha biyar, ba arba'in ba. Na san ɗalibai suna son su ce sun gama shekara guda a dare ɗaya, amma aikin da ke tafe a mataki na gaba ba ya yiwuwa da tarin tambayoyi. Ka kwafi kowace tambaya da hannunka a littafin da shuɗin biro. Kwafin yana cin lokaci, amma yana tilasta maka karanta kowace kalma, kuma a nan ne akan gano kalmomi irin su NOT da EXCEPT waɗanda ido ke tsallakewa a fuskar waya.

A ƙarƙashin kowace tambaya ka rubuta harafin da ka zaɓa, tare da abin da zaɓin ya ƙunsa, tare da layi ɗaya na dalilinka. Sannan ka sa alama ta gaskiya tsakaninka da Allah: na sani, ina shakka, ko cinke na yi. Wannan alamar tana da muhimmanci saboda tambaya mai zaɓi huɗu tana ba mai cinke damar cin ɗaya cikin huɗu, wato wanda bai buɗe littafi ba zai iya samun wajen goma cikin arba'in. Jerin haruffa ba ya bambanta wanda ya sani da wanda ya dace. Duka biyun yakan ce musu sun ci. Tambayar da ka ci da cinke, a wurina, tana cikin waɗanda ka faɗi.

Mataki na 4: Ka rubuta bayani mai sassa uku

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ya kamata mafi yawan lokacinka ya tafi. Ga kowace tambaya da ka yi shakka a kanta, ko ka yi cinke, ko wadda daga baya ka gano ka faɗi, za ka rubuta abu uku da jan biro: ƙa'idar da tambayar ke gwadawa, da aikin da ya kai ga amsa, da dalilin da ya sa kowane ɗaya daga sauran zaɓin ba daidai ba ne. Sashe na uku shi ne wanda ɗalibai suka fi gudu, kuma shi ne ya fi amfani, domin masu tsara tambaya ba sa zuba zaɓin kuskure kara-zube. Yawanci kowane ɗaya amsa ce da ɗalibi zai samu idan ya yi wani sanannen kuskure.

Bari mu ɗauki misali, na mayar da shi Hausa. Ɗan kasuwa ya sayi kaya a kan naira 4,000 ya sayar naira 5,000. Ribarsa kashi nawa ce cikin ɗari? Zaɓin su ne A, 20, B, 25, C, 80, D, 125. Jerin amsoshi zai ce B, ya yi shiru. Bayani kuwa zai ce: ana auna riba ne da kuɗin saye, ba da kuɗin sayarwa ba. Ribar ita ce 5,000 a cire 4,000, wato 1,000, kuma 1,000 a raba da 4,000 a ninka da 100 ya ba da 25. Wanda ya zaɓi A ya samo ribar daidai, amma ya raba ta da 5,000, kuɗin sayarwa. Wanda ya zaɓi C bai nemi riba ba sam, ya raba 4,000 da 5,000. Wanda ya zaɓi D ya raba 5,000 da 4,000, ya manta cewa 100 daga cikin 125 ɗin uwar kuɗi ce.

Ka lura cewa ɗalibai uku da suka faɗi wannan tambaya ba ciwo ɗaya ke damunsu ba. Mai A yana dab da ganewa, abu ɗaya ya rage masa. Mai C yana buƙatar komawa farkon babin. Jerin haruffa magani ɗaya ya ba su duka, ya ce su rubuta B. To idan aka juya tambayar, aka ce ya sayi kayan naira 5,000 ya sayar naira 4,000, faɗuwarsa kashi nawa ce, amsar ta koma 20, saboda yanzu 5,000 ne kuɗin saye. Wanda ya haddace cewa 4,000 da 5,000 suna ba da 25 zai faɗi yana cike da tabbaci, wanda kuwa ya riƙe cewa da kuɗin saye ake rabawa zai ci ko da an sauya lambobin sau goma.

Misali na biyu daga fiziks yake, kuma yana nuna yadda bayani ke ceton mutum daga gurgun hoto. An haɗa rizisto biyu, mai om 6 da mai om 3, ana neman jimillar turjiyarsu, zaɓin kuma 0.5 da 2 da 9 da 18. Zanen da ke nuna yadda aka haɗa su yana gefen da hoton ya yanke. Idan a jere suke, ɗaya bayan ɗaya, tarawa ake yi a samu 9. Idan kuwa kafaɗa da kafaɗa suke, kowanne da reshensa, aikin haka yake: 1/R = 1/6 + 1/3 = 1/2, don haka R = 2. Mai 0.5 ya tsaya a 1/2 bai juya shi ba, mai 18 kuma ninkawa ya yi ya manta rabawa da jimilla. Ɗalibin da bai ga zanen ba ya tara ya samu 9, jerin ya ce amsa ita ce 2, shi kuma ya gyara harafi ya tafi da ruɗani, wataƙila har ya daina yarda da ƙa'idar tarawa wadda take daidai a muhallinta. Da bayani aka turo, layin farko zai faɗi irin haɗin, nan take ya gane cewa wani abu ne ya ɓace daga hoton, ba daga kansa ba. Ina kuma koya wa ɗalibai su ƙara layin gwaji a ƙarshen irin wannan bayani: a haɗin kafaɗa da kafaɗa dole amsa ta gaza mafi ƙanƙantar rizistocin, don haka 9 da 18 sun fita tun kafin a taɓa biro.

Kuskuren da aka fi yi a wannan mataki shi ne bayanin da yake maimaita amsa da wasu kalmomi, kamar a rubuta cewa B ce saboda ribar kashi 25 ce. Wannan ba bayani ba ne. Ma'aunin bayani shi ne ya iya taimaka maka a wata tambayar da ba wannan ba. Wani kuskuren shi ne a fara da harafin jerin, sannan a yi ta murɗa lissafi har sai ya fito. Na sha ganin ɗalibi ya ƙirƙiro ƙa'idar da babu ita don kawai ya isa ga C, daga baya a gano C ɗin kuskuren bugu ce.

Mataki na 5: Idan aikinka da jerin amsoshi sun saɓa

Sai yanzu za ka buɗe jerin. Inda kuka saɓa, ka fara da sake karanta tambayar a hoton, ka gwada da abin da ka kwafa. Sannan ka sake aikin a sabon shafi ba tare da kallon na farko ba. In amsarka ba ta sauya ba, ka buɗe littafin karatu ka nemi ƙa'idar, ka rubuta lambar shafin kusa da bayaninka. In littafi ya goyi bayanka, ka kai wa malami ko wanda ya fi ka sani, kuma ka kai masa aikin ne gaba ɗaya, kada ka ce masa, Malam, ta goma sha biyu A ce ko C? Ka ce, Malam, ga yadda na bi, a ina na kauce? Tambayar farko harafi za ta samo maka, ta biyu kuwa za ta sa ya ɗora yatsa a kan layin da ka ɓata.

Ka sani cewa amsoshin da ke bayan littattafan kasuwa, da waɗanda ake turawa a waya, mutane ne suka warware su, kuma mutum yana kuskure, mai bugawa ma yana kuskure. Akwai kuma amsar da ta kasance daidai a zamaninta amma ta tsufa. A darasin Gwamnati, tambayar yawan jihohin Najeriya amsarta ta dogara da shekarar da aka yi ta: 12 ne a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sannan 36 a 1996. Mu a nan ba ma buƙatar a tuna mana, domin a ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire jihar Gombe daga Bauchi. Tsohuwar takarda da ta ce 21 ba ƙarya ta yi ba, amma ɗalibin da ya ɗauki harafin ba tare da shekarar ba ya ɗauki abin da zai kayar da shi. Bayanin wannan tambaya ɗaya, in an rubuta shi da shekarunsa, ya amsa tambayoyi biyar.

Mataki na 6: Ka sa wa kuskurenka suna

A gefen kowace tambaya da ka faɗi, ka rubuta irin kuskuren a taƙaice: ban san ƙa'idar ba, na san ta amma na ɗauko wadda ba ta dace ba, ban karanta tambayar da kyau ba, ko hannuna ya zame a lissafi. Bayan mako biyu ka ƙirga. Idan mafi yawa rashin sanin ƙa'ida ne, ka dakatar da tsofaffin tambayoyi ka koma littafi, domin tambaya ba ta koyar da babin da ba a taɓa karantawa ba. Idan kuwa gaggawa ce, ƙarin karatu ba zai gyara ba, sai ka saba ja wa kalmar da ke ɗauke da buƙatar tambayar layi kafin ka kalli zaɓi.

Mataki na 7: Ka dawo wa tambayar da sabuwar fuska

Washegari ka koma kan waɗanda ka faɗi, ka rufe zaɓin da takarda, ka amsa kamar babu A babu B. Bayan kwana uku ka sauya lambobin da kanka, ka mai da 6 da 3 na misalin rizisto su zama 12 da 4, ka ga ko za ka samu 3. Bayan mako guda ka yi wa abokin karatunka bayanin da baki, da Hausa, littafi a rufe. Ina nacewa a kan Hausar ne saboda ɗalibi yana iya haddace jimlar Turanci bai fahimce ta ba, amma da wuya ya fassara abin da bai gane ba. Inda harshensa ya sarƙe, nan ne ramin yake.

Sai bayan wannan ne agogo zai shigo. JAMB tana ba da tambayoyi 180 cikin awa biyu, 60 na Turanci da 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, wato kimanin daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Saurin da ake buƙata a nan yana zuwa ne daga gane irin tambaya da zarar an gan ta, da iya fitar da zaɓi biyu kafin a fara lissafi, kamar yadda muka yi da 9 da 18. Don haka ka ware rana ɗaya a mako ka yi tambayoyi arba'in da agogo, sauran kwanakin kuma ka bar su ga bayani.

Idan wani abu ya rasa

In ba ka da littafin karatu, ka ari na makaranta ko na maƙwabci na kwana ɗaya, amma ka je da jerin ƙa'idojin da kake nema a rubuce, domin kada ka ɓata ranar wajen buɗe shafuka. In babu malami kusa, ku haɗu ku uku, kowa ya warware tambayoyin shi kaɗai a gida, sannan ku gwada ayyukanku layi bayan layi. Kada ku yanke hukunci da rinjaye, domin mutum biyu suna iya faɗawa tarko ɗaya, kuma an tsara zaɓin kuskure ne daidai don haka. Wanda ya kawo shafin littafi shi ke da magana. Tambayar da kuka kasa warwarewa ku sa mata alama ku tara, ku kai wa malami a zama ɗaya.

In hoton ya zo babu jerin amsoshi ko kaɗan, ba ka yi asara ba, domin matakai na uku da na huɗu ba sa buƙatarsa, littafin karatu zai tsaya a madadinsa. In kuwa matsalar caji ce, ko wayar ta gida ce ana karɓa-karɓa, ka kwafi tambayoyin mako guda a zama ɗaya lokacin da wayar ke hannunka, ka bar rabin shafi fari a ƙarƙashin kowacce domin jan biro. Kuma idan kai ne za ka tura wa wasu amsa, ka ɗauki hoton shafin littafinka da aikin a jiki, ka rubuta abin da zaɓin ya ƙunsa kusa da harafinsa, kamar B, kashi 25, tare da shekarar takardar da sunan hukumar a saman shafin, domin wanda littafinsa ya jera tambayoyin ta wata hanya ya iya gane wadda kake nufi.